Darasi: Husufin Rana da Husufin Wata, da Dalilin da Ya Sa Cikakken Husufin Rana Ke Daɗewa Bai Komo Gari Ɗaya Ba

Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, rana ta ɓace ɗungurungum a Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Gari ya yi duhu irin na bayan magariba, iska ta yi sanyi, aka ga Zara a sararin sama da hantsi. Bayan 'yan mintoci haske ya komo. A daidai wannan lokaci mutanen Kano da na Sakkwato sun ga hasken rana ya dusashe ƙwarai, amma ba ta rufe duka ba, wani ɗan siririn gefenta ya ci gaba da haskawa har abin ya wuce.

Shekara goma sha biyu bayan haka, a daren Juma'a 27 ga Yuli 2018, wata ya shiga husufi ya koma ja kamar garwashi. Wannan karon babu wanda aka ware. Na Katsina da na Kano, na Kumasi da na Yamai, na Khartum da na Makka, duk wanda hadari bai rufe masa sama ba ya ga abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma watan ya daɗe a rufe har sa'a ɗaya da minti 43.

Me ya sa na rana ya zaɓi garuruwa ya kuma wuce cikin mintoci, na wata kuwa ya game rabin duniya ya daɗe? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu.

Inuwa biyu, ba ɗaya ba

Rana ce kaɗai ke da hasken kanta a cikin abubuwa ukun da muke magana a kansu. Duniya da wata duka dunƙulallu ne marasa haske, rana ke haska rabin kowannensu, kuma kowannensu yana jan inuwa a bayansa, ta ɓangaren da ba ya fuskantar rana. Dare ma ba wani abu ba ne illa shigarmu cikin inuwar duniyar da muke kai. Wata yana zagaya duniya, yana komawa yanayin da ya faro duk bayan kwana 29 da rabi, wanda shi ne tsawon watan da muke ƙirga azumi da salla da shi. A cikin wannan zagaye akwai lokaci biyu da rana da duniya da wata kan yi kusa da jeruwa a layi ɗaya.

Na farko shi ne ƙarshen wata, lokacin da ya ɓuya, kafin a ga jinjirinsa. A nan wata yana tsakanin rana da duniya. Idan jerin ya daidaita, inuwar wata sai ta sauka a kan duniya, waɗanda ta sauka a kansu kuma sai su ga wata ya tare musu rana. Wannan shi ne husufin rana, kuma shi ya sa ba ya faruwa sai a ranar 28 ko 29 ga watan Musulunci. Na 2006 ya zo ne a ƙarshen Safar na 1427.

Na biyu shi ne tsakiyar wata, daren sha huɗu ko sha biyar, lokacin da ya cika. A nan duniya ce a tsakiya. Idan jerin ya daidaita, wata sai ya shiga inuwar duniya, hasken rana ya yanke masa. Wannan shi ne husufin wata. Na 2018 ya zo ne a tsakiyar Zulƙida na 1439. Saboda haka idan wani ya ce muku za a yi husufin rana ranar goma ga wata, ko husufin wata a daren jinjiri, ba ku bukatar tambayar kowa, zance ne da ba zai yiwu ba.

Ana iya gwada wannan a aji da dare, ko a ɗaki mai duhu. A sa mutum ɗaya ya riƙe tocila daga nesa, ita ce rana. Kan wani ɗalibi shi ne duniya. Ya soke lemon tsami a tsinke ya riƙe da miƙaƙƙen hannu, shi ne wata. Idan ya fuskanci tocila ya sa lemon a tsakani, zai ga lemon ya tare masa haske, sauran 'yan aji kuma za su ga 'yar inuwa a fuskarsa. Ku lura da ita sosai: ba ta rufe fuskar duka ba, tana iya rufe ido ɗaya ta bar ɗayan yana ganin tocila. Sa'an nan ya juya wa tocila baya, lemon na gabansa. Inuwar kansa za ta haɗiye lemon gaba ɗaya, kuma duk wanda ke iya hangen lemon, ko ta wane gefe yake, zai gan shi ya yi duhu.

A nan ne babban bambancin yake. A husufin wata, watan ne kansa ya rasa haske, don haka duk wanda wata ya fito masa a wannan dare zai gani, wato kimanin rabin duniya. A husufin rana kuwa babu abin da ya sami rana, tana nan tana haskawa yadda ta saba. Mai kallo ne aka tare wa ita. Wanda yake cikin inuwar wata ya ga husufi, wanda yake waje da ita kuma yana shan ranarsa bai ma san ana yi ba.

Me ya sa ba kowane wata ba?

Tambayar da ɗalibai kan yi a nan, kuma tambaya ce mai kyau, ita ce: tunda wata yana ratsawa tsakaninmu da rana duk ƙarshen wata, yana kuma komawa bayan duniya duk tsakiyar wata, me ya hana a yi husufi biyu kowane wata?

Dalilin shi ne hanyar da wata ke bi wajen zagaya duniya a karkace take. Ta kauce wa shimfiɗar hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana da kimanin digiri 5. Digiri 5 kamar ba wani abu ba ne, amma faɗin wata a idonmu rabin digiri ne kawai, don haka yana iya kauce wa layin da ninki goma na faɗinsa. A mafi yawan watanni, idan ya zo ƙarshe sai ya wuce ta saman rana ko ta ƙasanta, inuwarsa ta tafi sarari ba ta taɓa duniya ba. Idan ya cika kuma sai ya wuce ta saman inuwar duniya ko ta ƙasanta. Mai riƙe da lemo ya ɗaga hannunsa kaɗan sama da kansa, za ku ga lemon ya cika da haske ko da ya ba tocila baya. Haka yawancin darare sha huɗu suke.

Hanyoyin nan biyu suna gittawa a wurare biyu, waɗanda za mu kira mahaɗai. Husufi ba ya yiwuwa sai idan ƙarshen wata ko cikarsa ta zo a lokacin da rana take daura da ɗaya daga cikin mahaɗan. Wannan yakan faru duk bayan kimanin kwana 173, wato ƙasa kaɗan da wata shida, kuma damar takan ɗauki kwana talatin da 'yan kai. Tunda damar ta fi wata guda tsawo, dole ƙarshen wata ya faɗo a cikinta, dole kuma cikarsa ta faɗo. Shi ya sa husufai kan zo biyu-biyu, mako biyu tsakani. Kafin na rana na 29 ga Maris 2006 an yi wani mai rauni na wata a daren 14 ga Maris. Na wata na Yuli 2018 kuwa a tsakiyar husufin rana biyu ya zo, ɗaya ranar 13 ga Yuli, ɗaya ranar 11 ga Agusta, sai dai dukansu na sashe ne kuma can kusa da ƙarshen duniya ta kudu da ta arewa aka gan su, mu nan ba mu ga komai ba.

Da wannan lissafi, kowace shekara sai an yi husufin rana aƙalla sau biyu a wani wuri a duniya. Mutane da yawa kan yi mamakin jin cewa yawan husufin rana da na wata kusan ɗaya ne. A ƙarnin da muke ciki, daga 2001 zuwa 2100, akwai husufin rana 224 da na wata 228. Ashe ba ƙarancin faruwa ne ya sa na rana ya yi mana wuyar gani ba.

Girman inuwa

Kowace inuwa da rana ta yi tana da kashi biyu. Akwai baƙar inuwa a tsakiya, inda aka tare rana gaba ɗaya, akwai kuma inuwa mai sauƙi a kewaye, inda aka tare sashenta kawai. Saboda rana ta fi duniya da wata girma nesa ba kusa ba, baƙar inuwar kowannensu tana tafiya tana tsukewa har ta ƙare a tsini.

Faɗin duniya kimanin kilomita 12,700 ne, baƙar inuwarta kuma tana kai kusan kilomita miliyan 1.4 kafin ta ƙare. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000 ne kawai, don haka a inda yake ratsa ta inuwar ba ta tsuke sosai ba, faɗinta ya kai wajen kilomita 9,200. Shi kuwa watan faɗinsa bai kai kilomita 3,500 ba. Inuwar ta ninka shi fiye da sau biyu da rabi, tana haɗiye shi har da saura.

Na wata kuwa wani labari ne. Baƙar inuwarsa tsawonta kimanin kilomita 374,000 ne, wato kusan daidai da nisan da ke tsakaninsa da mu. Abin da ke isowa ƙasa tsinin inuwar ne kawai, in ma ya iso. A wurin mai kallo, ma'anar wannan ita ce rana ta fi wata faɗi sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, don haka a ido girmansu ya zo ɗaya, wata yana rufe rana da ƙyar.

Nisan wata kuma ba ɗaya ba ne kullum, domin hanyarsa ba cikakkiyar da'ira ba ce. Yakan matso har kimanin kilomita 356,500, yakan kuma nisanta har 406,700. Idan husufi ya zo yana kusa, tsinin inuwar ya taɓa ƙasa, sai a sami cikakken husufi. Haka aka yi a 2006, kwana guda bayan wata ya kai maƙurar kusancinsa na wannan zagaye. Idan ya zo yana nesa, tsinin sai ya ƙare a sarari bai iso ba, wata ya yi ƙanƙanta a ido, ya zauna a tsakiyar rana ya bar zoben haske a kewaye. Wannan shi ne husufi mai zobe, kuma ba ya kawo duhu. Wani lokaci kuma baƙar inuwar takan wuce ta saman duniya ko ta ƙasanta, mai sauƙin ce kawai ke shafar mu, sai a ga an gutsure gefen rana. Shi ya sa daga cikin 224 ɗin nan, 68 ne kawai cikakku zalla, kimanin ɗaya ke nan a kowace shekara ɗaya da rabi.

Ko a ranar cikakken husufi, inda tsinin ya taɓa ƙasa ɗan tabo ne. A 2006 faɗinsa a kan ƙasar Hausa bai kai kilomita 190 ba. Gusau da Katsina suna kusa da tsakiyarsa, Maraɗi da Damagaram suna ciki, Kano ta faɗa waje ta kudu maso gabas, Sakkwato ta faɗa waje ta arewa maso yamma. Inuwa mai sauƙi kuwa ta shafi dubban kilomitoci, shi ya sa mafi yawan Afirka da Turai suka ga husufin sashe a wannan rana.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ake yawan yi. Wanda ya ga an rufe kashi 95 ko 98 cikin ɗari na rana yakan ɗauka ya ga kusan komai. Bai gani ba. Hasken rana yana da ƙarfin da ko kashi ɗaya cikin ɗarinta ya rage, ya fi hasken cikakken wata sau dubbai, gari ba zai yi duhu ba. Farin rawanin haske da ke kewaye da rana, wanda iskar gas ce mai tsananin zafi, ba ya bayyana sai an rufe fuskarta ƙurmus. A ganina duk wanda cikakken husufi zai wuce kusa da garinsu, in yana da hali, ya shiga mota ya je cikin zirin, tafiyar sa'a biyu ba asara ba ce a kan abin da watakila ba zai sake samu ba.

Mintoci da sa'o'i

Tabon inuwar ba ya tsayawa. Wata yana tafiya gabas, inuwarsa na gudun kimanin kilomita 3,400 a sa'a. Duniya ma gabas take juyawa, a tsakiyarta da gudun kimanin kilomita 1,670 a sa'a, don haka tana bin inuwar tana rage mata sauri, amma ba ta cim mata. Ko a inda ta fi tafiya a hankali, inuwar tana share ƙasa da kusan kilomita 1,700 a sa'a. A 2006 ta fara taɓa ƙasa a gabashin Barazil da fitowar rana, ta ƙetare Tekun Atlantika, ta shigo ta gaɓar Gana, ta bi Togo da Benin da Nijeriya da Nijar da Cadi da Libiya da kusurwar Masar, ta haye Turkiyya, ta ƙare a Mongoliya da faɗuwar rana. Duk wannan tafiya cikin sa'a uku da 'yan mintoci ta yi ta.

Mu yi lissafin da kanmu. A kan ƙasar Hausa inuwar tana cin kusan kilomita 50 a minti ɗaya. Tabo mai faɗin kusan kilomita 190 zai wuce kan mutum cikin 190 a raba da 50, wato ƙasa kaɗan da minti huɗu. Wannan ga wanda ke tsakiyar zirin ke nan. Wanda ke gefe, gefen tabon ne ya shafe shi, yana iya samun minti ɗaya ko ma 'yan daƙiƙoƙi. Mafi tsawon da aka samu a wannan rana shi ne minti 4 da daƙiƙa 7, a cikin Sahara wajen iyakar Cadi da Libiya. Duk yadda abubuwa suka daidaita, cikakken husufin rana ba ya wuce kimanin minti bakwai da rabi.

Yanzu mu juya ga na wata. Faɗin inuwar duniya kilomita 9,200, faɗin wata kusan 3,500. Daga lokacin da ya gama shiga zuwa lokacin da gefensa ya fara fita, zai yi tafiyar 9,200 a ɗebe 3,500, wato kilomita 5,700. Da gudun 3,400 a sa'a, wannan ya kai sa'a ɗaya da minti 40, in ya ratsa ta tsakiya. A daren 27 ga Yuli 2018 ya bi kusan tsakiyar inuwar, yana kuma can nesa inda tafiyarsa ta fi nawa, sai ya yi daga ƙarfe takwas da rabi na dare zuwa goma da minti sha uku agogon Nijeriya da Nijar. Babu wanda zai fi shi tsawo a wannan ƙarni.

Jan da wata ke yi kuwa daga iskar da ta lulluɓe duniya yake. Hasken rana da ya goga gefen duniya yana ratsa wannan iska, ta watsar da shuɗin da ke cikinsa, ta lanƙwasa jan zuwa cikin inuwar har ya kai ga wata. Dalilin da ke sa rana ja a lokacin fitowa da faɗuwa ke nan. Idan sama ta cika da tokar aman wutar dutse, watan yakan yi duhu fiye da haka. Jan ba alamar jini ba ne ko wata masifa. Musulmi sun san cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina an yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, shi kuwa ya bayyana musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla. Amfanin lissafi a nan shi ne liman yana iya sanin ranar sallar kisfewa da sa'arta tun da wuri.

Shekara nawa gari zai jira?

Tsawon zirin da inuwar 2006 ta shara kimanin kilomita 14,500 ne. Faɗinsa ya fi yawa a tsakiya, ya ragu a farko da ƙarshe, mu ɗauki 150 a matsayin matsakaici. Idan muka ninka 14,500 da 150 za mu sami murabba'in kilomita miliyan 2.2 kusan. Faɗin doron duniya duka, ƙasa da ruwa, murabba'in kilomita miliyan 510 ne. Raba 510 da 2.2, za ka sami kimanin 230. Wato husufi ɗaya yana rufe kashi ɗaya ne cikin 230 na duniya, bai ko kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gari ɗaya zai jira husufai kimanin 230 kafin rabonsa ya zo, kowanne kuma shekara ɗaya da rabi ke tsakaninsa da na gaba. 230 sau ɗaya da rabi ya ba mu shekara 345. Wannan lissafin kan allo ne, amma bai yi nisa da gaskiya ba: masanin lissafin taurari ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Meeus, ya bi abin dalla-dalla ya sami matsakaicin shekara 375.

A gwada da na wata. Cikakkun husufan wata na wannan ƙarni 85 ne, kowanne kuma rabin duniya ke ganinsa. Rabin 85 ya haura 40, wato duk shekara biyu zuwa uku mutum zai ga ɗaya daga tsakar gidansa. Wanda ya yi shekara saba'in yana iya ganin fiye da ashirin, alhali bai ga cikakken na rana ko sau ɗaya ba.

Sai dai a yi hattara da wannan 375. Matsakaici ne, ba ranar alkawari ba. Garin Carbondale a jihar Illinois ta Amurka ya ga cikakken husufi ranar 21 ga Agusta 2017, ya sake gani ranar 8 ga Afrilu 2024, ƙasa da shekara bakwai tsakani, domin zirai biyun sun gitta a kansa. Wasu wurare kuma sukan yi fiye da shekara dubu ba su gani ba. Ga kuma hadari, wanda zai iya rufe sama a daidai mintocin nan, shekarun jira su tafi a banza.

Wani zai ce, ai tafiyar rana da wata a tsare take, me ya hana husufi ya maimaita kansa a wuri ɗaya? Yana maimaitawa, amma ba a wuri ɗaya ba. Tun zamanin mutanen Babila aka gane cewa bayan wata 223, wato kwana 6,585 da sulusi, kimanin shekara 18 da kwana 10 zuwa 12, rana da wata da mahaɗa suna komawa kusan yadda suke, nisan wata ma ya koma kusan yadda yake. Ana kiran wannan zagaye Saros. Matsalar tana ga sulusin nan. Sulusin kwana sa'a takwas ne, kuma cikin sa'a takwas duniya ta juya kashi ɗaya cikin uku na zagayenta. Saboda haka magajin husufin yakan sauka can yamma da sulusin duniya. Magajin na 29 ga Maris 2006 shi ne na 8 ga Afrilu 2024, wanda ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Sai bayan zagaye uku, shekara 54 da wata ɗaya, yake komowa ɓangarenmu, kuma ko a nan ba ya bin sawunsa, yakan gusa ɗaruruwan kilomitoci. Kakan na 2006 shi ne na 25 ga Fabrairu 1952, wanda ya bi ta kan Khartum, nesa da Katsina.

Lissafi ya nuna cikakken husufin rana na 2 ga Agusta 2027 yana bi ta Arewacin Afirka da Jidda da Makka, inda a kusa da Luxor ta Masar duhun ya haura minti shida. Na 20 ga Maris 2034 yana shigowa Nijeriya ta gaɓar kudu maso yamma, ya ratsa ƙasar zuwa arewacin Kamaru da Cadi da Sudan. Ga mazauna Nijeriya wannan ne na kusa, kuma taswirar zirinsa tana nan tun yanzu, gari-gari.

Kula da ido

Husufin wata ba shi da wani haɗari, a kalle shi da ido ko da madubin hangen nesa yadda aka ga dama. Na rana kuwa yana makantarwa. Hasken yana ƙona bayan ido, wurin da ba ya jin zafi, don haka mutum ba zai san ya ji rauni ba sai bayan sa'o'i, ya ga wani baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla, wani lokaci ba ya warkewa. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsarewa, gilashin da aka turara da hayaƙi ba ya tsarewa, haka ma tsohon hoton asibiti. Kallon rana a cikin kwanon ruwa, wanda mutane da yawa ke yi, yana rage haske amma bai rage shi yadda zai zama lafiya ba. Tabarau na musamman da aka yi don wannan aiki yana ɗauke da lambar ISO 12312-2, kuma in ya huje ko ya karce a jefar da shi.

Wanda ba shi da shi ya huda ɗan ƙaramin rami a kwali, ya ba rana baya, ya bar hasken ya ratsa ramin ya sauka a kan farar takarda. Zai ga hoton rana a gutsure. Rariya ma tana yi, haka ramukan da ke tsakanin ganyen bishiya, a duba ƙasa a ƙarƙashinta. Lokaci ɗaya tak ake kallon rana da ido tsirara, wato mintocin da ta rufe gaba ɗaya, ga wanda ke cikin zirin kawai, kuma da zarar ɗigon haske na farko ya ɓullo a kawar da kai. A husufi mai zobe da na sashe babu irin wannan lokaci ko kaɗan.

Aikin gida

1. An sanar da husufi a daren 14 ga Sha'aban. Wane iri ne, kuma mene ne a tsakiya cikin rana da wata da duniya?

2. Tabon inuwa mai faɗin kilomita 120 yana tafiyar kilomita 40 a minti. Minti nawa wanda ke tsakiyar zirin zai yi cikin duhu? Me zai sa maƙwabcinsa da ke gefen zirin ya sami ƙasa da haka?

3. Ƙara shekara 18 da kwana 12 a kan 8 ga Afrilu 2024. Wace rana ka samu, kuma ta wane gefen Amurka kake tsammanin zirin zai koma, gabas ko yamma? Ba da dalilinka.